Yadda ake tantance bayanai kafin a fitar da rahoton wata

Jimillar da ta yi kusa da ta watan da ya gabata ba ta tabbatar da cewa bayanan da ke ƙarƙashinta suna da inganci ba. Layukan da suka shigo sau biyu suna ƙara lamba, waɗanda ba su iso ba tukuna suna rage ta, kuma idan abubuwan biyu suka haɗu a wata ɗaya, sai ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri, jimilla ta fito kamar babu wata matsala. Saboda haka aikin mai tantancewa shi ne ya iya ba da bayanin kowane layi, tun daga adadin da ya tarar a tebur har zuwa adadin da ya rubuta a rahoto.

Za mu bi aikin ta hanyar misali guda ɗaya wanda aka tsara lambobinsa domin koyo. A ce wata ma'aikata tana da rassa 12, kowane reshe yana turo odar da ya karɓa zuwa tebur mai suna `orders`, kuma ana son rahoton watan Maris. Kowane layi yana ɗauke da lambar oda a `order_id`, lambar reshe a `branch_id`, yawan kaya a `qty`, matsayin odar a `status`, lokacin da aka yi odar a `event_time`, lokacin da aka gyara ta a `updated_at`, da lokacin da layin ya shigo rumbun bayanai a `loaded_at`. Umarnin da ke ƙasa na PostgreSQL ne, amma tunanin bai canza ba ga mai aiki da Excel ko pandas.

Mataki na farko: a daskarar da bayanan

Teburin da ake ci gaba da zuba wa bayanai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya ƙirga da safe ya samu lamba ɗaya, ya sake ƙirgawa da rana ya samu wata, ba zai iya sanin ko gyaran da ya yi ne ya kawo bambancin ko kuwa sabbin layuka ne suka shigo ba. Don haka kafin komai a zaɓi lokacin yankewa, a ɗauki kwafin duk abin da ya shigo kafin wannan lokacin, a yi dukkan binciken a kan kwafin.

```sql
CREATE TABLE snap AS
SELECT * FROM orders
WHERE loaded_at < '2025-04-02 08:00';
```

A nan ne kuma ake tsayar da ma'anar watan Maris. Idan an ajiye lokaci da ma'aunin UTC amma rassa suna aiki da agogon yankinsu, odar da aka yi kusa da tsakar daren ƙarshen wata za ta iya faɗawa watan da ba nata ba. A zaɓi ma'auni ɗaya a rubuta shi. Wajen iyakance wata kuwa, ya fi aminci a ce lokacin ya kai `2025-03-01` kuma bai kai `2025-04-01` ba, domin idan aka rubuta `BETWEEN` har zuwa `2025-03-31` a kan ginshiƙi mai ɗauke da sa'a, umarnin zai tsaya a farkon ranar 31, duk odar wunin ta zube ba tare da an sani ba.

A misalinmu, kwafin ya ba da layuka 48,620 na watan Maris. Wannan lambar ita ce mafarin lissafi, a rubuta ta a gefe.

Mataki na biyu: a gano maimaici, a kuma san irinsa

Ba za a iya cewa layi ya maimaitu ba sai an san abin da layi ɗaya yake wakilta. A teburinmu layi ɗaya oda ɗaya ce, saboda haka bai kamata `order_id` ta fito sau biyu ba. Da a ce layi ɗaya yana wakiltar kaya ɗaya a cikin oda, da maimaituwar lambar oda ba laifi ba ce, kuma mai share ta zai share bayanai na gaskiya. Wannan tambayar ana amsa ta ne daga wanda ya gina teburin ko daga takardun tsarinsa, ba daga zato ba.

```sql
SELECT COUNT(*) AS layuka,
       COUNT(DISTINCT order_id) AS oda
FROM snap
WHERE event_time >= '2025-03-01'
  AND event_time <  '2025-04-01';
```

Sakamakon ya nuna layuka 48,620 da oda 47,480, wato akwai rarar layuka 1,140. Kafin a ɗauki wannan rarar a matsayin maimaici, a tabbatar babu layin da `order_id` ɗinsa ba komai, domin `COUNT(DISTINCT ...)` ba ya ƙirga irin waɗannan, sai su shige cikin rarar alhali matsalarsu daban ce.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne gaggawar sharewa. Maimaici iri biyu ne aƙalla, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne kwafi tsantsa, inda komai na layukan biyu ya zo daidai in ban da lokacin shigowa. Yakan faru ne idan an loda fayil sau biyu, ko kuma manhajar da ke turo bayanai ba ta samu tabbacin isar saƙo ba sai ta sake turawa. Na biyu shi ne gyara: an yi oda, daga baya aka canza yawan kaya ko aka soke ta, tsarin kuma ya ƙara sabon layi maimakon ya canza tsohon. A iri na farko kowane layi aka bari daidai ne. A iri na biyu layi ɗaya ne kawai yake faɗin gaskiyar yanzu.

Hanyar rarrabe su ita ce a tara layukan da suka maimaitu bisa reshe da ranar shigowa, sannan a buɗe kamar guda ashirin a kalla da ido. A misalinmu, 900 daga cikin 1,140 duk na reshe na 4 ne, duk odar ranakun 11 zuwa 17 ga Maris ce, kuma duk sun shigo cikin minti ɗaya a ranar 18. Wannan alama ce a fili cewa an sake loda fayilolin kwana bakwai. Sauran 240 sun warwatsu a rassa duka, kuma a kowane ɗaya `qty` ko matsayin odar ya bambanta tsakanin layin farko da na biyu, wato gyare-gyare ne. Taruwa wuri ɗaya yakan nuna matsalar loda bayanai, warwatsuwa kuwa takan nuna yadda tsarin yake aiki a kullum.

Da an fahimci haka sai a kafa ƙa'ida: a bar layin da aka fi gyarawa kwanan nan, idan sun yi kunnen doki a bar wanda ya shigo daga ƙarshe.

```sql
CREATE TABLE clean AS
SELECT * FROM (
  SELECT *, ROW_NUMBER() OVER (
    PARTITION BY order_id
    ORDER BY updated_at DESC NULLS LAST, loaded_at DESC) AS rn
  FROM snap) t
WHERE rn = 1;
```

Kalmomin `NULLS LAST` suna da aiki babba. A PostgreSQL, idan aka jera daga babba zuwa ƙarami, layukan da ba su da ƙima su ne suke zuwa farko, saboda haka idan asalin odar ba shi da `updated_at` ko kaɗan, shi zai hau matsayi na ɗaya, a ajiye tsohon layi a yar da gyaran. Irin wannan haɗarin yana nan a sauran kayan aiki: `Remove Duplicates` na Excel da `drop_duplicates()` na pandas duk suna barin layin da suka fara tararwa idan ba a umarce su da wani abu ba, kuma layin farko galibi shi ne tsohon. A lura kuma cewa an cire maimaicin ne a kan kwafin gaba ɗaya kafin a ware wata, domin idan gyara ya mayar da ranar oda daga 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu, wanda ya fara ware wata zai riƙe tsohon layin a Maris, sabon kuma ya fito a Afrilu, oda ɗaya ta shiga rahoto biyu.

Akwai maimaici na ƙarya da ya kamata a sani. Excel yana riƙe lambobi 15 ne kawai na adadi, saboda haka lambar shaida mai tsawon 16 ko fiye idan aka buɗe ta a matsayin adadi, ƙarshenta yakan koma sifili, oda biyu mabambanta su zama kamar ɗaya. Haka kuma yana zubar da sifilin farko, `00731` ta koma `731`. Lambar shaida a riƙa karanta ta a matsayin rubutu. Sannan mai rahoto da kansa yana iya haifar da maimaici lokacin haɗa tebura: idan teburin rassa yana da layi biyu na reshe ɗaya, `JOIN` zai ninka duk odar wannan reshen. Maganin mai sauƙi ne, a ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, idan adadin ya ƙaru a tsaya a bincika.

Mataki na uku: a nemi guraben da babu komai

Yanzu da aka samu oda 47,480 masu tsabta, a ƙirga abin da ya ɓace a ginshiƙan da rahoton ya dogara da su. Ba dole ne a bi kowane ginshiƙi ba. Gurbin ƙarin bayani da babu kowa mai karanta shi ba zai canza lamba ba. `COUNT(*)` yana ƙirga dukkan layuka, `COUNT(qty)` kuwa yana tsallake waɗanda suke `NULL`, wato waɗanda ba su da ƙima, bambancinsu shi ne yawan giɓin.

```sql
SELECT branch_id,
       COUNT(*) - COUNT(qty) AS babu_qty,
       COUNT(*) AS duka
FROM clean
WHERE event_time >= '2025-03-01'
  AND event_time <  '2025-04-01'
GROUP BY branch_id;
```

An samu layuka 380 da ba su da `qty`. A kan jimilla wannan bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, kuma mai gaggawa zai wuce. Amma rarrabawa bisa reshe ta nuna cewa 310 daga ciki na reshe na 9 ne, kuma da aka sake rarrabawa bisa rana, sai aka ga duk sun fara ne daga 21 ga Maris, ranar da aka sabunta manhajar shigar da oda a reshen. Giɓin da ya warwatsu ko'ina ba tare da tsari ba yana rage yawan bayanai ne kawai. Giɓin da ya taru a reshe ɗaya ko ya fara daga rana ɗaya yana karkatar da sakamako, domin abin da ya ɓace yana iya bambanta da abin da ya rage.

Yadda aka bi da giɓin yana canza amsa. Reshe na 9 yana da oda 3,900, kuma guda 3,590 da ke da `qty` sun ba da jimillar kaya 14,360. `AVG(qty)` yana tsallake `NULL`, saboda haka zai raba 14,360 da 3,590 ya ba da 4.0. Idan wani ya cike guraben da sifili don tebur ya yi kyau, za a raba da 3,900 a samu 3.68, rahoto ya nuna cewa masu oda a reshen sun rage saye, abin da bai faru ba. Jimillar kaya kuwa ta gaza gaskiya a hanyoyin biyu, tunda `SUM` ba ya ƙara komai a madadin abin da bai gani ba. A ganina cike giɓi da sifili ko da matsakaici ba shi da wuri a rahoton ƙirga abin da ya faru. Abin da ya dace shi ne a ƙirga odar a cikin yawan oda, tunda ta faru, a cire ta daga lissafin matsakaici, a faɗi adadin da aka cire, sannan a tura wa reshen jerin lambobin don su cike daga takardunsu.

Ba kowane giɓi ne yake bayyana a matsayin `NULL` ba. Wasu tsare-tsaren suna ajiye rubutu marar komai, ko tazara ɗaya, ko `N/A`, ko `-1`, ko `999`, a ranaku kuma ana yawan ganin `1900-01-01` ko `1970-01-01`. Hanyar kama su ita ce a jera ƙimomin da suka fi yawan fitowa a kowane muhimmin ginshiƙi, a kuma duba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Oda ɗari biyu da kowace ke da kaya 999 daidai ba ciniki ba ne.

Wani abin lura shi ne yadda `NULL` yake sa layuka su ɓace shiru. Sharaɗin `status <> 'cancelled'` ba ya dawo da layin da `status` ɗinsa yake `NULL`, domin kwatanta `NULL` da kowane abu ba ya ba da gaskiya. A pandas kuma `groupby` yana zubar da layukan da ginshiƙin rarrabawarsu ba shi da ƙima sai an rubuta `dropna=False`. A misalinmu akwai oda 95 da ba su da `branch_id`. Idan aka bar su suka zube, jimillar rassa 12 za ta zama 47,385 alhali jimillar ma'aikata 47,480 ce. A ba su layi nasu a rahoto mai suna reshen da ba a sani ba, lissafi ya rufe.

Mataki na huɗu: a nemi layukan da ba su zo ba gaba ɗaya

Duk binciken da ya gabata yana duba layukan da suke nan ne. Babu umarnin ƙirga `NULL` da zai nuna ranar da reshe bai turo komai ba. Don ganin wannan sai an gina abin da ake sa ran samu, a gwada shi da abin da aka samu. Rassa 12 a kwana 31 suna ba da gurbi 372, idan duk rassan suna aiki kullum. Idan akwai ranakun hutu a cire su daga lissafin. A teburinmu gurbi 369 ne ke da oda. Ukun da suka rage duk na reshe na 7 ne, ranakun 29, 30 da 31 ga Maris.

Gurbin da ba fanko ba ma yana iya zama rabi. A gwada adadin kowace rana da irin wannan ranar ta mako a makonni huɗu da suka wuce, Litinin da Litinin, domin ranakun mako ba sa yin daidai da juna. Reshen da ya saba yin oda 130 ya nuna 40 ya cancanci a buga musu waya.

Mataki na biyar: a auna jinkiri

Ranakun reshe na 7 ba lallai ne sun ɓace ba, wataƙila suna kan hanya. Reshe ya rasa intanet ya tara bayanai a na'urarsa, ko ma'aikaci ya rubuta a takarda ya shigar bayan kwana biyu, ko aikin loda na dare ya tsaya. Tambayar da za a amsa ita ce kwana nawa bayanan wannan tebur suke ɗauka kafin su cika, kuma amsar tana cikin watan da ya riga ya rufe, kamar Janairu.

```sql
SELECT d, COUNT(*) FROM (
  SELECT order_id,
         MIN(loaded_at)::date - MIN(event_time)::date AS d
  FROM snap
  WHERE event_time >= '2025-01-01'
    AND event_time <  '2025-02-01'
  GROUP BY order_id) t
GROUP BY d ORDER BY d;
```

An yi amfani da `MIN(loaded_at)` ne daga kwafin asali saboda ana son lokacin da oda ta fara isowa. Da a kan `clean` aka yi, da gyaran da aka yi bayan mako biyu zai bayyana kamar jinkirin mako biyu. Idan aka ga jinkiri ƙasa da sifili, wato oda ta shigo kafin a yi ta, agogon wata na'ura ne ba daidai ba ko kuma an gauraya ma'aunin lokaci biyu.

A ce sakamakon ya nuna kashi 94 cikin ɗari suna isowa a ranar ko washegari, kashi 99 cikin kwana uku, sauran kuma kafin kwana bakwai. Ma'anarsa ita ce a ranar 2 ga Afrilu farkon Maris ya cika, amma kwanakin ƙarshe ba su cika ba. Wannan ne dalilin da ya sa zanen yawan oda na kullum yakan nuna gangarowa a ƙarshensa, mai karatu ya ɗauka kasuwa ce ta faɗi. Wanda ba shi da ginshiƙin `loaded_at` zai iya samun wannan ma'aunin ta hanyar ajiye adadin kowace rana duk safiya, ya ga yadda adadin rana ɗaya yake ƙaruwa har ya tsaya.

Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a jira har 8 ga Afrilu a fitar da lamba ɗaya, ko a fitar yanzu a rubuta cewa ta wucin gadi ce tare da ranar da za a rufe ta. Abin da ba ya kyautuwa shi ne a fitar da lamba, bayan mako guda ta canza a allon rahoto babu wanda ya sanar. Ya kamata kuma a kafa ƙa'idar abin da ya iso bayan rufewa: ko a sake buɗe watan a fitar da gyararren rahoto, ko a nuna shi a matsayin gyaran watan baya a rahoto na gaba. Kada a zuba shi cikin Afrilu kamar a Afrilu aka yi shi.

Mataki na shida: a rufe lissafi, a rubuta shi

A ranar 8 ga Afrilu aka ɗauki sabon kwafi, aka sake bin matakan daga farko, domin layukan da suka makara suna iya zuwa da nasu maimaicin da nasu giɓin. An samu sabbin oda 620 na Maris, 402 daga reshe na 7, 218 daga sauran rassa. Lissafin ya tsaya haka: layuka 48,620, a cire kwafi tsantsa 900, a cire tsofaffin layuka 240 da aka gyara, saura 47,480, a ƙara 620, jimilla 48,100.

Tazarar da ke tsakanin 48,620 da 48,100 oda 520 ce kawai, kusan kashi 1 cikin ɗari, kuma da jimilla kaɗai aka duba da rahoton farko ya wuce. Amma a cikinsa reshe na 4, mai oda kusan 4,000, zai bayyana da ƙarin 900, wato sama da kashi 20 cikin ɗari, reshe na 7 kuma zai rasa kwana uku daga 31, kusan kashi 10. Duk shawarar da aka yanke kan rassan biyu daga wancan rahoton da ta tafi a karkace.

Idan akwai wata majiya mai zaman kanta, kamar adadin da kowane reshe ya rufe da shi a tsarinsa, a gwada 48,100 da ita reshe bayan reshe, kuma duk bambancin da ba a iya bayyanawa ba a rubuta shi yadda yake. A ƙasan rahoton a sa gajeren bayani mai ɗauke da lokacin yankewa da ma'aunin agogo, ƙa'idar cire maimaici da adadin da aka cire, yawan odar da ba ta da `qty` da reshen da ta fi taruwa, yawan odar da ba a san reshenta ba, da ko lambar ta wucin gadi ce ko ta rufe. A ajiye kwafin biyu da umarnin da aka yi amfani da su, a kuma tura wa mai kula da loda bayanai labarin fayilolin reshe na 4, a tura wa masu manhaja jerin oda 310 na reshe na 9 tare da ranar da giɓin ya fara.